Yadda ake yanka wa ma'aikacin saida kaya taget ɗin shekara mai zuwa da tsarin SMART

Duk ƙarshen shekara tambayar nan sai ta dawo, yawanci daga manajoji da masu dilancin kayan masarufi: mun zauna da ma'aikaci mun duba aikinsa na bana, to wannan gurbin na ƙasan fom da aka ce a rubuta burin baɗi fa, me ake rubutawa? Abin da na fi gani a gurin shi ne "ya ƙara ƙoƙari" ko "ya ƙara yawan ciniki", kuma irin wannan rubutun shi ke haifar da rigima a Disamba mai zuwa, shi yana cewa wallahi ya yi ƙoƙari kai kana cewa bai yi ba, babu mai hujja a cikinku.

SMART haruffa biyar ne, kowanne sharaɗi ɗaya: burin ya zama takamaimai, ya zama ana iya auna shi, ya zama mai yiwuwa, ya zama yana da alaƙa da abin da kamfani ke nema, sannan ya zama da wa'adi. Haddace su ba wuya, wuyar tana gurin lissafi. Zan bi misali ɗaya tun daga farko har ƙarshe: ma'aikacin wani dila a Kano da ke yawo a babur yana karɓo odar taliya, sabulu da man girki daga shagunan unguwa, a ce yankin Hotoro zuwa Tarauni. Alƙaluman na misali ne, kai ka sa naka.

1. Tara takardu kafin ka kira shi

Mako guda kafin zaman ka nemi abu huɗu. Daga sito, adadin katan ɗin da aka fitar da sunansa wata-wata har wata 24 idan akwai, da wanda aka dawo da shi. Daga gurin akanta, kuɗin da suka shigo da jerin masu bashi da ranar da kowa ya ɗauki kaya. Daga gurinsa shi kuma, jerin shagunan da yake zagayawa. Na huɗu shi ne ranakun da kaya suka yanke a sito, wannan kusan kowa yana mantawa da shi kuma za ka buƙace shi a gaba.

Ba sai ka sayi wata manhaja ba, Excel ko Google Sheets ya isa. Idan layin A kwanan wata ne, B sunan ma'aikaci, D yawan katan, ga abin da zai tara maka na shekara guda:

```
=SUMIFS(D:D,B:B,G1,A:A,">="&DATE(2025,1,1),A:A,"<="&DATE(2025,12,31))
```

G1 ɗin nan ne inda za ka rubuta sunansa.

Gargaɗi: kar ka ɗauki lissafi daga littafin da shi ma'aikacin yake rubutawa da hannunsa. Ba don ɓarawo ne ba, a'a, shi oda yake rubutawa, kuma ba duk odar da aka yi ake kai kayanta ba. Na sito da na akanta su ne abin dogaro.

2. Ka auna da katan, ba da naira ba

Nan ne mafi yawan mutane suke faɗawa rami, don haka zan ɗan daɗe a kai.

A misalinmu, bara ya saida katan 15,000 a kan matsakaicin farashi naira 16,000, ya kama miliyan 240. Bana ya saida katan 14,400 a kan naira 20,000, ya kama miliyan 288. Idan ka kalli naira kawai sai ka ce ma sha Allah, ciniki ya ƙaru da kashi 20 cikin 100, har ka fara tunanin ƙarin girma, alhali kayan da suka fita ta hannunsa sun ragu da katan 600, wato kashi 4 cikin 100. Farashi ne ya yi aikin, ba shi ba. Duk wanda ya yi harkar kayan masarufi bayan cire tallafin mai a 2023 ya san wannan, a 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin 100, a irin wannan shekarar ko wanda ya kwana a gida sai taget ɗin naira ya cika masa. Haka kuma idan kamfani ya sauke farashi, wanda ya yi aiki tuƙuru sai ya fito kamar malalaci.

Saboda haka babban ma'auni ya zama katan, ko buhu, ko jarka, duk abin da kuke ƙirga kaya da shi. Kuma katan ɗin da aka kai aka ajiye, bayan an cire wanda aka dawo da shi.

Akwai wani ƙaramin tarko a nan ma. Idan katan ɗin taliya da na man girki duk ɗaya kake ƙirga su, to zai koma ya dinga tura wanda ya fi arha da saurin shiga, ya bar wanda ku kuka fi samun riba a kai. Maganin shi ne ko ka raba taget ɗin gida biyu ko uku bisa nau'in kaya, ko ka ce katan ɗaya na mai daidai yake da biyu na taliya a ƙirga. Kar ka wuce gida uku, in ya yi yawa shi kansa ba zai iya riƙewa a ka ba yana kan babur.

3. Gina adadin daga shaguna, kar ka jefo shi daga sama

Yadda aka saba yi shi ne Alhaji mai kamfani ya ce baɗi yana son ƙarin kashi 40, sai a rarraba wa kowa. A misalinmu hakan na nufin wajen katan 20,000. Ka tambayi kanka daga ina ƙarin katan 5,600 ɗin zai fito, daga wane shago, in ba ka iya nunawa da yatsa ba to taget ɗin ya faɗi a sharaɗin yiwuwa tun kafin a sa hannu.

Ga yadda nake yi. Yana da shaguna 120 da suke saye duk wata, kowanne katan 10 a matsakaici, shi ne ya ba da 1,200 a wata, 14,400 a shekara. Wannan ne tushe. Daga nan hanyoyi uku ne kacal adadin zai iya motsawa.

Na farko sababbin shaguna. Kun duba yankin kun ga akwai shagunan da ba a taɓa kai musu ba, musamman inda ake sababbin gine-gine, kuma zai iya shigo da uku a wata daga Janairu zuwa Oktoba, 30 kenan. Amma sabon kwastoma ba ya fara da katan 10, a ce 6, kuma ba duka ne za su yi shekara cur suna saye ba tunda wasu sai tsakiyar shekara za su shigo, a ce wata bakwai a matsakaici. 30 sau 6 sau 7 ya ba da katan 1,260. Mutane da yawa a nan sai su buga sau 12, su kumbura taget ɗin ba su sani ba.

Na biyu tsofaffin kwastomomi su ƙara. A cikin 120 ɗin nan akwai manya 40 da suke karɓar taliya a gurinku amma mai da sabulu suna shiga kasuwar Singer su sayo da kansu. Idan ya shawo kansu kowanne ya ƙara katan biyu a wata, 960 kenan a shekara.

Na uku, wanda ba a son faɗa, wasu za su tafi. Wani ya rufe shago, wani ya koma gurin wani dila, wani ku da kanku za ku daina ba shi saboda bashi. Duba tarihin shekara biyu ka ga nawa ake rasawa, a ce 10, kuma a matsakaici rabin shekara za a rasa cinikinsu, katan 600 sun fita.

Haɗa su: 14,400 da 1,260 da 960, a cire 600, ya rage 16,020. Sai ka rubuta 16,000. Ƙarin kusan kashi 11 cikin 100 ne, akwai jan aiki a ciki amma kowane katan an san ƙofar da zai shiga. Idan Alhaji ya dage sai 20,000, to ka kai masa wannan lissafin ka ce ragowar 4,000 ɗin sai dai a ƙara yanki ko a ƙara mutum ko a ƙara mota, magana ce ta jari ba ta ƙoƙarin mutum ɗaya ba.

Gargaɗi: kar ka ɗauki watan da ya fi kowanne ciniki ka buga sau 12. Kuma kar ka ba ma'aikata biyu adadi ɗaya don a ce an yi adalci, wanda yake zagaya cikin gari da wanda yake fita ƙauyukan wajen gari ba ɗaya ba ne, na biyun rabin yininsa a hanya yake ƙarewa.

4. Raba shekarar gida huɗu, amma ba daidai wa daida ba

Wa'adin "31 ga Disamba" kaɗai bai isa ba, don ba wanda zai tuna da takardar sai Nuwamba. Raba ta wata uku-uku. Sai dai 16,000 raba huɗu ya ba da 4,000 kuskure ne, ciniki ba haka yake tafiya ba. Kayan abinci suna tashi gab da azumi da kuma Sallah, su yi sanyi a tsakiyar damina lokacin da kuɗi suka tafi gona, su sake motsi da kaka. Ka duba kason kowane zango a shekaru biyun da suka wuce ka bi shi. A misalinmu: zangon farko 4,400, na biyu 4,000, na uku 3,500, na huɗu 4,100.

Ka tuna azumi yana matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya duk shekara, don haka cinikin da bara ya faɗa farkon Afrilu watakila baɗi a Maris zai faɗa, ya tsallaka daga wani zango zuwa wani. Buɗe kalanda ka duba kafin ka raba.

5. Ɗaure taget ɗin katan da na bashi

Idan katan kaɗai ka sa masa, na rantse maka zai cika shi, ta hanyar da ba za ka so ba. Ranar 28 ga wata zai bi shaguna yana cewa "Alhaji ka ajiye kawai, in ka saida ka biya", kaya su fita daga sito, lissafi ya yi kyau, bayan wata biyu rabi ya dawo wasu kwalayen sun jiƙe, rabi kuma kuɗin ya maƙale. Na taɓa ganin wanda ya fi kowa ciniki a takarda wata uku a jere, da aka zo bin bashi sai aka tarar kusan duk ribar zangon tana hannun mutane.

Don haka buri na biyu dole ya zama na karɓo kuɗi. A misalinmu bashin da ke wajen kwastomominsa miliyan 15 ne, a ciki miliyan 6 sun haura kwana 30, kashi 40 cikin 100 kenan. Burin sai ya zama: kason bashin da ya haura kwana 30 ya sauko zuwa kashi 15 ko ƙasa kafin 30 ga Yuni, kuma kar ya sake haurawa har ƙarshen shekara, akanta ne zai fitar da adadin ranar ƙarshe ta kowane wata. Wannan ma kaso na sa ba naira ba, saboda dalilin da na faɗa a mataki na biyu.

Gargaɗi: idan a cikin tsohon bashin akwai wanda oga ne da kansa ya ce a ba wa abokinsa ko surukinsa, cire shi daga lissafin ma'aikacin tun yanzu a rubuce. Ba shi ya bayar ba, kuma ba shi da bakin da zai je ya karɓo.

6. Rubuta su da kalmomin da ba sa karɓar fassara biyu

Buri uku zuwa huɗu sun isa. Ga yadda za su fito a fom, da makin kowanne cikin 100:

Katan 16,000 da aka kai, bayan cire wanda aka dawo da shi, daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba, a yankin da aka ba shi, bisa rahoton sito. Maki 50.

Bashin da ya haura kwana 30 ya sauko daga kashi 40 zuwa kashi 15 kafin 30 ga Yuni ya tsaya a nan, bisa rahoton akanta. Maki 25.

Sababbin shaguna 30 kafin 31 ga Oktoba. Maki 15.

Ziyarar shaguna 20 a rana, kwana shida a mako, da turo rahoto kafin ƙarfe takwas na dare. Maki 10.

Kowace kalma mai santsi sai ka fayyace ta. Mene ne "sabon shago"? In ba ka faɗa ba, zai kawo maka ƙanin tsohon kwastoma da sabon suna, ko mai teburin da ya sayi katan ɗaya bai sake ba. Ni abin da nake rubutawa shi ne shagon da bai saya a gurinmu ba cikin wata 12 da suka wuce, kuma ya saya sau uku ya biya. "A yankin da aka ba shi" shi ma da dalili, don kar ya kwashi kaya ya kai wa babban ɗan kasuwa a Singer ko Sabon Gari a farashi mai sauƙi, ya cika taget a kwana biyu ya karya muku farashi a gari.

Na ziyarar kuwa da gangan na ba shi maki kaɗan. Shi ne abin da ke hannunsa ɗari bisa ɗari, kuma shi ke nuna maka da wuri in abu ya fara lalacewa, amma yana da sauƙin yi wa dabara, mutum zai iya tsayawa ƙofar shago ya ɗau hoto ya tura WhatsApp ya wuce. Abubuwa irin su "kyakkyawar mu'amala" da "biyayya" kuma a bar su a wani ɓangaren fom ɗin, kar a cusa su nan.

7. Zaman kansa

Ka ba shi alƙaluman kwana biyu ko uku kafin zaman ka ce shi ma ya zo da nasa adadin. Ware awa ɗaya, ba a tsaye a bakin sito ana lodi ba. Ku gama maganar bana tukunna, sannan ku shiga ta baɗi, in ka cakuɗa su zai ɗauki taget ɗin a matsayin horo.

Fara da tambaya: "Malam, a ganinka katan nawa yankin nan zai ɗauka baɗi?" Kusan kullum zai faɗi ƙasa da abin da ya san zai iya, wannan ciniki ne ba laifi ba, sai ku buɗe jerin shagunan ku bi su ɗaya bayan ɗaya. A nan ne za ka ji abin da ba ya cikin Excel, cewa wane zai tashi daga unguwar, wane kuma ya buɗe shago na biyu. In hujjarsa ta fi taka ka gyara adadin.

Abin da za ka yi hattara da shi shi ne "to Yallaɓai, in sha Allah" da sauri ba tare da ko tambaya ɗaya ba. A gurinmu ƙarami ba ya son musu da na gaba, sai ya amsa a baki alhali a zuciyarsa ya riga ya san ba za ta yiwu ba. Ka ce masa ya faɗa maka da bakinsa ta ina katan 4,400 na zangon farko za su fito. In ya kasa, ba a gama zaman ba.

Sannan kai ma a rubuta naka alƙawarin a takardar: litar mai nawa a mako, kuɗin kati da data, gyaran babur, kai kaya cikin awa 48 bayan oda. Waɗannan su ne kuɗin da taget ɗin zai ci, sababbin shaguna 30 ƙarin tafiya ce, ba za a yi ta da man bara ba. A sa kuma cewa idan kaya suka yanke a sito fiye da kwana bakwai a wata, za a rage taget ɗin watan gwargwadon kwanakin. Ku sa hannu ku biyu, ya tafi da kwafinsa.

8. Lissafin maki da bonas, tun yanzu

Kar a bar wannan sai Disamba. Makin kowane buri shi ne abin da ya samu raba taget, sau makin burin. Idan B taget ne, C abin da ya samu, D maki:

```
=MIN(C2/B2,1.2)*D2
```

1.2 ɗin rufi ne, don kar wata babbar oda guda ta sa'a ta rufe gazawar sauran. Na bashi ba ya bin wannan lissafin tunda shi ƙasa ake so ya yi, sai ku yanka masa matakai: kashi 15 ko ƙasa maki 25, tsakanin 16 da 25 rabin maki, sama da haka babu.

A ce shekara ta ƙare ya saida 15,200, kashi 95 cikin 100 kenan, maki 47.5. Bashi ya sauko 14, maki 25. Shaguna 24 cikin 30, maki 12. Ziyara maki 9. Jimla 93.5. Idan kun yi yarjejeniya cewa maki 100 albashin wata ɗaya ne a matsayin bonas kuma ana fara biya daga maki 80, to zai karɓi kashi 93.5 na albashin wata. Kar ka yi tsarin ko duka ko babu, wanda ya ga a Satumba ba zai kai 100 ba zai saki aikin gaba ɗaya, ko ya riƙe odar Disamba ya ajiye ta sai Janairu. Kuma ka tara bonas ɗin duk ma'aikatan a kan kowa ya ci 100, ka kai wa mai kamfani ya amince da jimlar kafin ka faɗa wa kowa.

9. Dubawa duk wata uku

Sa ranakun a takardar tun yau: makon farko na Afrilu, Yuli da Oktoba, minti talatin-talatin. Idan zangon ya gaza, fara duba ziyara da yawan shagunan da suka saya. In ziyara ta cika, shagunan ma suna nan amma kowanne ya rage abin da yake ɗauka, to matsalar kasuwa ce ko farashi, ka leƙa alƙaluman sauran ma'aikatan za ka ga iri ɗaya. In kuwa shagunan da ke saye ne suka ragu daga 120 zuwa 95 a yankinsa kaɗai, to ka hau bayan babur ɗin ku zagaya tare kwana ɗaya.

Ana canza taget a tsakiyar shekara ne kawai idan wani abu babba ya faru da ba hannunsa a ciki, kamar ƙarancin takardun kuɗin da aka yi a farkon 2023, ko an rage masa yanki, ko kamfani ya daina kawo wani kaya. In za a canza a rubuta sabon adadin da dalili da kwanan wata a bayan takardar farko, ku sake sa hannu. Amma don ya cika zangon farko da wuri kar ka ɗaga masa taget a Afrilu, abin da ya wuce 16,000 ka biya shi bonas ɗinsa kamar yadda kuka rubuta.